Gwaji Ya Ce Akwai, Amma Tabbas Ne?

A ranar gwajin jini na kyauta, wani lokaci za ka ga mutum ya karɓi sakamakonsa hannu na rawa: an ce an ga alamar cutar ƙanjamau. Kafin gwiwarsa ta yi sanyi, akwai lissafin da ya kamata ya sani.

Mu ƙaddara an gwada mutum 10,000 a garin da mutum 1 cikin 1,000 ke ɗauke da cutar. Masu ita 10 ke nan. A ce gwajin ya kama su duka, amma yana kuskure a kan lafiyayye 1 cikin 100. Lafiyayyu 9,990 ne, don haka wajen 100 daga cikinsu za a ce suna da ita. Waɗanda gwajin ya nuna sun kai 110, masu cutar na gaskiya kuwa 10 kacal: 1 cikin 11.

Ina matsalar take? Tambayoyi biyu ake haɗawa. “In kana da cutar, gwajin zai nuna?” daban take da “In gwajin ya nuna, kana da cutar?” Kowane limami na sallah, amma ba kowane mai sallah ne limami ba. In cuta ba ta yaɗu ba, ɗan kuskure a cikin ɗimbin lafiyayyu sai ya rinjayi masu ita.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke sake gwaji da wani nau'i daban. In shi ma kuskurensa 1 cikin 100 ne, kuma bai bi sawun na farko ba, cikin lafiyayyun nan 100 kusan mutum 1 ne zai rage. Masu cutar sun zama 10 cikin 11. Gwajin farko tankaɗe ne, ba hukunci ba.