Ƙuma a gida: me ya sa take dawowa bayan an wanke kare ko mussa?

Jama'a masu saurarenmu a Dogon Dutsi, Matankari, Dankasari, Tibiri, Gesheme da Kore Mairuwa, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Kwatano ko Legas, ga wata tambaya da kan taso duk damana. An wanke kare da sabulu, an zuba wa mussa hodar magani, ƙuma ta zube ƙasa matacciya, amma kafin sati biyu dabba ta koma susa, yara kuma suna kwana suna sosa ƙafa. Mutane sai su ce maganin jabu ne. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa maganin ya yi aikinsa, wurin da aka sa shi ne bai isa ba, domin mafi yawan ƙumar gida ba a jikin dabba take ba. Tana ƙasa.

Masana sun ƙiyasta cewa a gidan da ƙuma ta kama, manyan da muke gani suna tsalle ba su wuce 5 cikin 100 ba. Kusan rabi ƙwai ne, sauran tsutsotsi ne da waɗanda ke kwance cikin saƙarsu suna jiran fitowa. Wato duk ƙuma ɗaya da ka murtsuke da farce, akwai kamar goma sha tara a cikin rairayin ɗaki, ƙarƙashin tabarma ko gindin rumbu.

Irin ƙumar da ta fi yawa a gidaje ana kiranta ƙumar kyanwa, amma sunan kawai ne: tana hawa kare, tana hawa ƴan awaki da ƴan tumaki, in ta rasa kuma ta ciji mutum. Ba kaska ba ce, mai maƙalewa wuri guda ta kumbura, ba kuma kwarkwata ba ce, mai manna ƙwanta a gashi. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne tushen matsalar. Macen ƙuma in ta sha jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu take fara ƙwai, kuma in ta samu wuri tana iya kaiwa 40 ko 50 a rana. Ƙwan fari ne, kamar rabin milimita, santsi gare shi, ba ya manne wa gashi. Duk inda dabba ta kwanta ko ta girgiza jiki, yana zuba kamar gishiri. Saboda haka makwancin dabba shi ne gonar ƙuma.

Bayan ƴan kwanaki ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsa fara, marar ƙafa, ta fito. Ba ta cizo, ba ta son haske, sai ta nutse cikin ƙasa ko tsagar daɓe. Abincinta shi ne kashin manyan ƙuma, wanda busasshen jini ne, baƙi-baƙi kamar garin barkono, da ke zubowa daga jikin dabba tare da ƙwan. Kun ga uwa tana aiko wa ɗiyanta abinci daga sama ke nan.

Tsutsar nan ita ce mai rauni a duk zuriyar, kuma a nan yanayin Arewa yake taimakonmu. Ba ta jure bushewa: in danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100, ko zafin wurin ya wuce digiri 35, mutuwa take. Shi ya sa a tsakar gida mai rana, lokacin hunturu da bazara, da wuya ta rayu. To ina take fakewa har damana ta zo? A ƴan wuraren da ke da inuwa da laima duk shekara: gindin randa, bayan ɗakin wanka, ƙarƙashin rumbu, kusurwar ɗakin da ake yayyafa wa ruwa don sanyi. Ku lura, su ne kuma wuraren da kare da mussa ke zaɓa su kwanta in rana ta take. A garuruwan da ke cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa da ƙasa kuma akwai garake, irin waɗannan maɓoya sun fi yawa. Da an yi ruwan Yuli da Agusta, gida duka ya zama mai laima, sai abin ya fashe.

Bayan sati ɗaya zuwa biyu tsutsa ta saƙa wa kanta ɗan gida mai danƙo, rairayi da ƙura su manne masa har ba a bambanta shi da ƙwayar ƙasa. A ciki take rikiɗa ta zama ƙuma. Wannan saƙa ita ce ke kayar da mu. Yawancin magungunan feshi ba sa ratsa ta. Kuma ƙumar da ta gama girma a ciki ba dole ne ta fito nan take ba, tana iya zama tana jira wata da watanni, har kusan biyar, sai ta ji motsi, nauyin taku ko ɗumin jiki.

Ƴan ci-rani, wannan ya shafe ku. Mutum ya kulle ɗakinsa bayan girbi ya tafi, alhali mussa ta saba kwana a ciki. Ya dawo ya buɗe ƙofa, kafin ya ajiye jaka ƙafafunsa sun yi baƙi da ƙuma, ya ce a ina ta fito ɗakin da babu kowa? Tun tafiyarsa take nan, takunsa ne ya tashe ta. In kuna aiko saƙo gida, ku ce a riƙa buɗe ɗakin ana sharewa, a fitar da tabarmi rana.

Bari mu yi lissafi da misali. Mu ɗauka wani gida a watan Agusta, da mussa ɗaya mai tsaron rumbu, a jikinta akwai matan ƙuma goma. Kada ma mu kai su 50, mu ce kowace tana ƙwai 20 a rana. Ƙwai 200 ke nan kullum, 1,400 a sati, 2,800 a sati biyu, duka a ƙasa. Yawancinsu ba za su rayu ba. Amma ko ɗaya cikin goma ne ya kai, ƙuma 280 ce ke tafe. Ranar Juma'a mai gida ya wanke mussa da sabulu, goman nan suka mutu. Sabulu ba ya barin komai a jiki, da gashi ya bushe aikinsa ya ƙare. Asabar mussa ta koma makwancinta, waɗanda suka nuna cikin saƙa suka ji ɗuminta suka haye. Litinin sun fara nasu ƙwan. Ƙwan da ya zuba tun ranar Alhamis kuwa sai nan da sati uku zai zama ƙuma. Wanka ya kashe goma ya bar ɗaruruwa a layi.

Daga nan wasu kan fusata su kori mussa ko su kai kare gona. Mu dai ba mu ga riba a wannan ba. Ƙumar da ke ƙasa za ta ci gaba da fitowa da yunwa, kuma tunda babu dabba, ƙafafun yara za ta samu. Ɓeraye kuma su samu rumbu babu mai tsaro. Dabbar da aka sa wa magani mai daɗewa a jiki ita ce tarko mafi kyau: duk ƙumar da ta fito ta hau ta, ta mutu kafin ta yi ƙwai. A bar ta ta kwanta inda ta saba.

Kafin a sayi komai, a tabbatar ƙuma ce. A tsayar da dabba a kan farin ƙyalle mai laima, a tsefe bayanta wajen gindin wutsiya da wuya. In baƙin garin da ya zubo ya narke ya yi ja, jini ne, ƙuma ce. Don sanin ɗakin da ya kamu, a ajiye faranti da ruwan sabulu a ƙasa da dare, a haska shi da tocila. Da safe a ƙirga abin da ya faɗa. A jikin mutum, cizon yakan taru a idon sawu da ƙwauri.

Aikin kashi biyu ne, kuma tare ake yin su. Na dabba, a je wurin ma'aikatan kiwo na gunduma ko mai sayar da maganin dabbobi da aka sani, a nemi maganin ƙuma na kare ko na kyanwa mai aiki wata guda, irin wanda ake ɗigawa a fatar ƙeya, kamar mai sinadarin fifronil. A faɗi nauyin dabba da shekarunta, domin ba a sa wa ƴan ƙasa da sati takwas. Su sai tsefewa da wanka da ruwa mai ɗumi, a kuma yi wa uwar magani. Duk karnuka da mussoshin gida a rana ɗaya, ko da wanda ba ya susa. Allurar ibamektin da aka saba yi wa dabbobi don tsutsar ciki ba ita ce maganin ƙuma ba.

Akwai kuskuren da ke kashe dabba. Maganin kare mai sinadarin farmetirin guba ne ga mussa: sai ta kama rawar jiki, miyau na zuba, ta yi ta farfaɗiya, sau da yawa ta mutu. Fiya-fiya, maganin feshin wake, kananzir da baƙin mai duk ba na jikin dabba ba ne. Tana lasar gashinta, yara kuma suna ɗaukarta. Maganin kare da kyanwa kuma ba a sa wa kaji ko akuyar tatsa, don yana iya shiga ƙwai da nono. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an samu fifronil a ciki.

Na ƙasa bai cin kuɗi, sai ƙarfi. Tsummokara da buhunan da dabba ke kwana a kai, a wanke da ruwan zafi duk sati, ko a ƙone in ba su da amfani. Tabarmi da katifu a shanya a rana tsaka. A share makwanci, kusurwoyi da ƙarƙashin gado kullum ko bayan kwana biyu, a ƙone sharar, kada a tara ta bakin danga inda kare zai je ya kwanta. In ɗaki rairayi ne, a kwashe na saman a inda dabba ke kwana a baza shi a rana, a zubo busasshe. Tafasasshen ruwa yana kashe abin da ke gindin randa da tsagar daɓe, amma a bar wurin ya bushe sarai, in ba haka ba an ƙara masa laimar da tsutsa ke so. Shara tana da wani amfani: motsinta yana tayar da na cikin saƙa su fito da wuri su gamu da magani.

A sati biyu ko uku na farko za ku ci gaba da ganin ƙuma, ƙanana masu duhu, sababbin fitowa. Ba alamar maganin banza ba ce. A ci gaba wata uku a jere, ana sabunta magani kowane wata, ana duba farantin sabulu. In bayan wata biyu lissafin bai ragu ba, to akwai makwancin da ba a gano ba, ko mussar maƙwabta na shigowa, ko garken awaki ya kamu.

Abu biyu ba a jira da su. Kwikwiyo, ɗan mussa ko ɗan akuya da ƙuma ta rufe, in dasashinsa ko cikin fatar idonsa ya yi fari yana kasala, jininsa ne ya ragu, a kai shi wurin ma'aikacin kiwo ran nan. In kuma kun ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin dabba ko gindin wutsiyarta, tsutsar ciki ce da ake ɗauka ta hanyar haɗiye ƙuma, tana buƙatar nata magani daban. Yaro mai rarrafe ma yana iya haɗiyar ƙumar. In an ga irin wannan a kashinsa, a kai shi asibiti, a gaya wa likita akwai ƙuma a gida.