Yadda Za Ka Gyara Suna a Katin Ɗaurin Aure da Wayarka

Katin ɗaurin aure ya iso ta WhatsApp, saura kwana biyu, sai aka lura sunan ango ba daidai ba ne: an rubuta Aminu Tahir, alhali Aminu Ɗahiru danginsa ke kiransa. Wanda ya tsara katin kuma wayarsa a kashe. Irin wannan gyaran mai wayar Android zai iya yinsa da manhajoji biyu na kyauta daga Play Store, wato Snapseed ta kamfanin Google, da PixelLab wadda masu zanen kati da yawa ke aiki da ita.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, rubutun da ke jikin hoto ba kamar saƙon tes ba ne da za a danna a goge harafi. Ya riga ya zama ɓangaren hoton. Don haka aikin kashi biyu ne: a shafe tsohon suna, sannan a ɗora sabo. Shafewar ta fi wuya, kuma a nan ne asirin mai gyara ke tonuwa.

Kafin komai, nemi hoto mafi kyau. Wanda aka ɗauko daga sitatus ya riga ya dushe, saboda WhatsApp na matse hotuna. Idan akwai mai riƙe da na asali, ya turo maka shi a matsayin Document.

Buɗe katin a Snapseed, ka zaɓi Healing daga cikin kayan aikinta. Abin da take yi shi ne, ta kwafo launi da zanen da ke kewaye da inda ka shafa, ta cike wurin da su. Saboda haka kada ka ja yatsa a kan sunan gaba ɗaya a karo guda. In ka yi haka, za ta iya kwaso guntun haruffan layin sama ko na ƙasa ta liƙa maka a wurin. Buɗa hoton da yatsu biyu har harafi ɗaya ya yi girma sosai, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan taɓawa. Inda ya dagule, danna kibiyar komawa baya ka sake. Idan bayan rubutun fari ne sumul, aikin minti kaɗan ne. Idan kuwa sunan ya hau kan fure ko zanen ado, sai an yi haƙuri, wani lokacin ma tabon ba ya ɓacewa duka. A nan dabara ita ce a daidaita sabon sunan ya zauna a kan tabon ya rufe shi.

Shawarata, shafe layin sunan baki ɗaya, har da "Aminu" da ba shi da laifi. Da wuya ka samu salon rubutu iri ɗaya sak da na asali, kuma salo biyu a layi guda ko yaro zai gane. Ga shi kuma Ɗahiru ya fi Tahir tsawo, layin zai karkace daga tsakiya. Da ka gama, adana hoton.

Yanzu sai PixelLab. Danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi use image from gallery, ka ɗauko hoton da ka shafe. Danna alamar + ka zaɓi text, ka rubuta cikakken sunan. Alamar A da ke ƙasa ce ke buɗe font, size da color. Sunan amarya shi ne ma'auninka, tunda yana nan yadda aka tsara shi: kwatanta tsayin haruffa, kaurinsu da launinsu da nasa. Kada ka ɗauki baƙi ƙirin don kawai rubutun ya yi maka kama da baƙi, sau da yawa ruwan ƙasa ne mai duhu ko shuɗi. Rubutu mai ruwan gwal kuma galibi launuka biyu ne ko uku a gauraye, sai ka nemi gradient a ƙarƙashin color. Da relative position za ka tsayar da sunan a tsakiya daidai, ba da ƙiyasin ido ba.

Akwai matsalar da ta shafe mu musamman. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa da ake ƙawata kati da su ba su da ɗ, ƙ da ɓ. Za ka ga Ɗ ta fito a wani salo dabam, a sandare kusa da 'yan uwanta, ko ta zama ɗan akwati. In haka ta faru, ko dai ka canja salo, ko ka tambayi masu biki in sun yarda a rubuta Dahiru.

Wajen adanawa zaɓi save as image, ka ɗauki PNG, don kada haruffa su yi hazo. Ka kuma yi save as project, ko da wani kawu zai bugo ya ce a ƙara "Injiniya" a gaban sunan. Kafin ka yaɗa, tura wa mutum ɗaya daga gidan ango ya karanta harafi-harafi, ya duba rana da wurin ɗaurin auren ma. Idan katin farko ya riga ya zagaya, rubuta a ƙasan sabon cewa wannan ne gyararre.