Biza ta ƙare, amsa ba ta zo ba

Ɗauki ɗaliba 'yar Kano da ke karatu a Leeds, bizarta za ta ƙare ranar 31 ga Janairu. Ta cike fom ɗin neman ƙarin wa'adi ta intanet ranar 20 ga wata, ta biya kuɗi, ta zauna jira. Janairu ya wuce, Fabrairu ya raba, shiru kake ji. Shin ta zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba?

A'a. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1971 ya ce wanda ya nemi ƙari kafin izininsa ya ƙare, tsohon izinin zai ci gaba da aiki har sai Ma'aikatar Cikin Gida ta yanke hukunci. Ba sabuwar biza aka ba ta ba, tsohuwar ce aka ja wa igiya tare da duk sharuɗɗanta. In da an ƙayyade mata aikin awa 20 a mako lokacin karatu, awa 20 ɗin ce har yanzu. In mai aikinta ya soma ɗari-ɗari, zai iya tambayar hukuma ta Employer Checking Service, a ba shi shaidar da ke aiki wata shida.

Amma igiyar siririya ce. Dole buƙatar ta zama ingantacciya tun farko: a 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a shari'ar Mirza cewa buƙatar da kuɗinta bai shiga ba, ba ta jawo kariyar sashen. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a bari sai daren ƙarshe, musamman ga mai dogaro da kuɗin da za a turo daga gida.

Tarkon da ya fi zafi shi ne tafiya. A ce cikin Fabrairu aka bugo waya cewa Hajiya ba lafiya, ɗalibar ta hau jirgi zuwa Kano. Da fitarta kariyar ta faɗi, kuma za a ɗauka ta janye buƙatarta. In tana son komawa, sai ta nemi wata biza daga Najeriya. Ba a duba ko kwana uku kawai ta yi.

In aka ƙi buƙatar kuma tana da damar neman a sake dubawa, kwana 14 gare ta, kuma kariyar na nan har a gama. Wanda kuwa ya makara ko da kwana ɗaya, ba shi da 3C. Akan kau da kai ga jinkirin da bai wuce kwana 14 ba in akwai uzuri da ya fi ƙarfinsa, kamar kwanciya a asibiti, amma ba shi da izinin aiki har amsa ta fito.