Idan Waya Ta Ce "Keeps Stopping"

Cikin hotunan fuskar waya da ake yawan tura wa masu jin Turanci don neman bayani, akwai wani ɗan akwati da wayoyin Android ke fitarwa, mai ɗauke da rubutu kamar `WhatsApp keeps stopping`. Ma'anarsa ita ce manhajar tana ta mutuwa da kanta, an buɗe ta faɗi, an sake buɗewa ta sake faɗuwa. Ya bambanta da `isn't responding`, wanda ke nufin manhajar na nan da rai amma ta daskare, galibi bayan an taɓa fuskar wayar ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa ba. Shi ya sa wannan yake zuwa da zaɓin `Wait`, wato a ɗan jira, kuma sau da yawa jiran ya wadatar.

A ƙarƙashin saƙon farko kuwa akan ga `Close app` da `App info`. Na farkon rufe manhajar kawai yake yi. Ba ya goge komai, ba ya kuma gyara komai. Na biyun shi ke kai mutum shafin saitin manhajar, inda ainihin aikin yake, kuma inda ake yin ɓarna.

A shafin akwai `Force stop`, wanda ke tsayar da manhajar gaba ɗaya har da abin da take yi a ɓoye. Gargaɗin da yake fitarwa yana tsorata mutane, amma saƙonni da hotuna suna nan daram. A sashen ma'ajiya sai `Clear cache`, mai share tarkacen wucin gadi da manhajar ta tara don ta riƙa saurin buɗewa. Idan wani daga cikin tarkacen ne ya lalace, wannan kan magance matsalar, manhajar kuma ta sake tara sabo.

Dab da shi akwai `Clear data`, ko `Clear storage` a wasu wayoyin. Wannan yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. A WhatsApp, mai wayar zai sake shigar da lambarsa, ya jira lambobi 6 na tantancewa, tsofaffin hirarrakinsa kuma ba tabbas su dawo sai in akwai ajiyarsu a Google Drive. Wanda layinsa ya ɓata ko aka rufe shi yana iya rasa hanyar komawa asusun. Sakaci ne mai bayani ya ce wa mutum "ka share" bai fayyace wanne daga cikin maɓallan biyu ba.

Kafin a kai ga wannan matakin, ana duba ko ma'ajiyar wayar ta cika, a sabunta manhajar a Play Store, a kashe wayar a kunna. Idan kuma manhajoji da yawa ne ke mutuwa lokaci guda, matsalar ta wayar ce, goge bayanan manhaja ɗaya ba zai warware ta ba.