“An Amince” Kawai Ba Ta Isa Ba a Littafin Taro

Sau da yawa idan aka buɗe littafin taron wata ƙungiyar unguwa, abin da za a tarar shi ne: “An tattauna batun rijiyar burtsatse, an amince a gyara.” Bayan wata uku, da ma'aji ya fitar da kuɗi, sai gardama ta kaure. Nawa aka ce? Wa aka ɗora wa aikin? Littafin ya yi shiru, kowa kuma da abin da ya tuna.

Maganin yana hannun magatakarda. Da zarar wani ya miƙe ya ce, “Shugaba, ina gabatar da ƙuduri,” to a rubuta kalmominsa yadda suka fito, ba yadda magatakarda ya fahimta ba. Idan maganar ta yi tsawo ko ta cakuɗe, ya roƙi shugaba a maimaita, sannan ya karanta wa jama'a kafin a ɗaga hannu. Misali: “A fitar da naira 350,000 daga asusun ƙungiya a gyara rijiyar bakin masallaci, ma'aji ya kawo rasit a taro mai zuwa.” Ga kuɗi, ga aiki, ga wanda za a tambaya.

A ƙasa sai cikakken sunan wanda ya gabatar, da na wanda ya fara mara masa baya, mutum ɗaya tak. “Jama'a sun goyi baya” ba suna ba ne. Idan ba wanda ya mara, a rubuta cewa ƙudurin ya faɗi don rashin mai mara masa baya.

Wurin da na fi ganin ana sakaci shi ne ƙidaya. Mu ce mutum 24 suka halarta: 15 sun yarda, 6 sun ƙi, 2 sun yi rowar ƙuri'a, shugaba bai jefa ba. A haɗa, lallai ya tashi 24. In bai tashi ba, a sake ƙirgawa nan take, tun hannuwa na sama.

Dalili kuwa, idan tsarin mulkin ƙungiya ya ce fitar da kuɗi sai da kashi biyu bisa uku, alƙaluman nan ne za su raba gardama. In na masu jefa ƙuri'a ake nufi, su 21 ne, 14 ake bukata, ƙuduri ya wuce. In kuwa na mahalarta ne, 16 ake bukata, ya faɗi da ƙuri'a ɗaya. Ko Majalisar Tarayya sai da sashe na 56 na kundin 1999 ya fayyace mata: rinjayen waɗanda suka halarta kuma suka jefa ƙuri'a, mai jagorantar zama ba ya jefawa sai an yi kunnen doki.

Layi na ƙarshe shi ne hukuncin da shugaba ya furta: ƙuduri ya wuce, ko ya faɗi. Don Allah, magatakarda, kada ka rufe littafi sai ka ji shi daga bakinsa ka rubuta.