Cajin da ke ɓoye cikin kafasita

Kashe wuta ba ya kwashe cajin kafasita. Dabarar Laplace tana mayar da lissafin canjin lokaci zuwa aljabara: cikas ɗin resista R ne, na koyil sL, na kafasita 1/(sC). Da kallo ɗaya za ka karanta halinsu, domin idan s ya yi ƙanƙanta koyil kamar waya yake, kafasita kuwa ta toshe hanya.

A ce kafasita mai farad 0.001 tana riƙe da bolt 10, aka haɗa ta da resista mai om 1000. Tsohon cajin yana shiga lissafi a matsayin tushen wuta 10/s, a jere da kafasitar. Amsa ita ce V(s) = 10/(s+1), wato v(t) = 10e^(-t). Bayan daƙiƙa ɗaya saura kusan bolt 3.7.

Wanda ya manta da 10/s sifili zai samu, alhali kafasitar cike take. Mai karatu, gwada amsarka: sV(s) ya kamata ya doshi 10 idan s ya girma.