Gyaɗar da Ba a Gani a Takardar Abinci

Gidajen abinci na zamani a Kano, Kaduna da Abuja yawanci da Turanci suke rubuta takardar abincinsu, wadda ake kira menu, a Maraɗi da Damagaram kuwa Faransanci ne ya fi yawa. Idan mai gida ya yanke shawarar a mayar da takardar Hausa, yakan ɗauka aikin yini guda ne: a ba wani mai jin harsunan biyu, ya zauna ya juya. Alhali kowane abinci da ke cikin takardar yana da layi biyu masu hali daban. Na farko kirari ne, aikinsa ya sa yawun mai karatu ya tsinke. Na biyu gargaɗi ne ga mutumin da jikinsa ba ya karɓar wani abinci, abin da likitoci ke kira aleji. A na farko mai fassara yana da sarari ya yi yadda ya ga ya fi daɗin ji. A na biyu ba shi da ikon ƙara komai ko rage komai, kuma takardar Turancin ma ba ta isa ta zame masa madogara ba, sai ya taka har kicin.

Dalilin wannan tsanani a jikin mutum yake. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ɗan abin da bai kai ƙwaya guda ba yana iya tayar masa da borin jini, leɓɓa su kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Idan abin ya yi tsanani sai an yi masa allurar adirenalin cikin gaggawa. Suya ko gashi ba sa kashe abin da ke jawo wannan a cikin gyaɗa. Shi ya sa Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 1169 ta shekarar 2011, ta lissafa abubuwa 14 da dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci, kuma tun Disambar 2014 dokar ta hau kan gidajen abinci ma. Amurka da takwas ta fara a dokarta ta 2004, sannan riɗi ya zama na tara daga farkon 2023. Otal-otal da yawa daga irin waɗannan jeri suke kwaso layin gargaɗinsu. Wanda ya duba jerin zai ga rabinsa kayan girkinmu ne na kullum: gyaɗa, riɗi, waken suya, alkama, madara, ƙwai da kifi.

A ɗauka an kawo wa mai fassara layi guda daga takardar wani gidan abinci. Turancin yana cewa gasasshiyar kaza ce mai yaji, da ƙamshin hayaƙi, tare da soyayyen dankali da salak. A ƙasa an rubuta kalma ɗaya ta gargaɗi, kalmar nan da Turawa ke tara kashu, almon da danginsu a ƙarƙashinta.

Kirarin shi ne ɓangare mai daɗin aiki. Idan aka bi Turancin kalma da kalma aka rubuta "kaza mai hayaƙi", Bahaushe zai ji kamar girkin ya yi ƙauri, don a wurinmu abincin da hayaƙi ya kama abin ƙorafi ne. Abin da mai gidan yake nufi shi ne gashin garwashi, kuma wannan kowa ya san daɗinsa. Haka Hausa ba ta son tarin sifofi a jere. Ta fi son a faɗi abin da aka yi wa naman, sannan a bar kalma guda ta ɗauki ɗanɗanon: naman da ya dahu luguf, dankalin da ya soyu ƙamas-ƙamas, miya mai garɗi. Don haka layin zai iya fitowa kamar haka: "Kaza gashin garwashi, ta sha yajin tsire, da soyayyen dankali ƙamas-ƙamas da salak mai sanyi." Babu kalmar "daɗi" a ciki, kuma gara haka, domin takardar da ta ce wa kowane abinci "mai daɗi" ba ta gaya wa mai saye komai ba.

To amma da zarar an rubuta "yajin tsire", tambaya ta taso. Yajin tsire ai da ƙuli-ƙuli ake daka shi, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce zalla da aka matse mata mai. Kalmar gargaɗin da ke takardar Turanci ba ta warware komai ba, domin a dokar Turai gyaɗa da 'ya'yan itatuwa irin su kashu gida biyu ne daban. Gyaɗa dangin wake ce, a ƙasa take 'ya'ya, kuma akwai mutumin da yake cin ɗaya lafiya lau ɗayan kuma ya kwantar da shi. Idan mai fassara ya rubuta "gyaɗa" alhali kashu aka barbaɗa a salak, ya cuci mai gudun kashu. Idan ya rubuta "kashu" kawai, ya ɓoye ƙuli-ƙulin. Ba yadda za a gane gaskiya daga kan tebur, sai an tsaya gaban mai girki an ce ya lissafo abin da yake zubawa ɗaya bayan ɗaya, a kuma ɗauki kowace kwalba da kowane kwali a karanta abin da aka rubuta a jiki.

A irin wannan tsayuwar ce ake gano sauran. Miyar da ake zuba wa salak, wadda aka fi sani da bama, da ƙwai ake yinta, wasu nau'o'in har da mastad. Dunƙulen ɗanɗano da aka murmusa a jikin kazar wani yana ɗauke da waken suya ko alkama, ya danganta da kamfanin, sai an duba kwalin. Sai mai. A kasuwa kusan kowane farin mai "man gyaɗa" ake ce masa, ko da na waken suya ne ko na kwakwar manja da aka tace. Don haka idan mai girki ya ce da man gyaɗa yake suya, ba a gama tambaya ba, sai an ga jarkar. In kuwa na masu ƙuli-ƙuli ne da aka matse a gida, to gyaɗa ce, dole ta shiga gargaɗi. Tambaya ta ƙarshe ita ce me kuma ake soyawa a kaskon dankalin. In ana jefa kifi a man, kifi ya taɓa dankalin ke nan. Bayan an gama, layin ƙasa zai iya zama: "Akwai gyaɗa (ƙuli-ƙuli a cikin yaji), ƙwai da waken suya. A mai ɗaya ake soya dankali da kifi."

Wannan layi ba shi da ado ko kaɗan, kuma haka ake so. "Akwai" na abin da aka zuba da gangan ne. "Wataƙila ya taɓa" na abin da kan iya shiga ta kasko, cokali ko turmi ne, kuma ba a musanya su. Wasu masu gidajen abinci sukan so a liƙa "wataƙila" a kan komai don su wanke kansu, abin da ke sa mai karatu ya daina ɗaukar kalmar da muhimmanci. Mafi hatsari duka ita ce "babu". Kada mai fassara ya rubuta "babu gyaɗa" don kawai bai ga an ambace ta a Turanci ba. Alkawari ne, kuma kicin ne kaɗai zai iya ɗaukar sa.

Akwai wata jarraba da ta fi kama ƙwararru fiye da 'yan koyo, wato a ba baƙon abinci sunan na gida don ya shiga rai. Kuskus na Larabawan Magrib yana kama da burabusko a ido, amma shi da alkama ake yin sa, burabusko kuwa an fi saninsa da gero. Mutumin da likita ya hana wa alkama, sha'ir da danginsu yana cin gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba tare da fargaba ba, to sunan da aka ara zai sa ya ci abin da yake gudu. Tuwon semo ma alkama ne, ko da yake sunan tuwo ya ɓoye hakan, kuma ɗanwake da yawa ana haɗa garinsa da fulawa. A ganina gara a bar baƙon suna yadda yake, a bi shi da gajeren bayani: "Kuskus, tsakin alkama da aka turara." Haka idan Turanci ya yabi miya da cewa tana da kauri da santsi, ba a fassara shi da "mai madara" sai an tabbatar. Miyar taushe tana da wannan kaurin, amma nata daga gyaɗa da kabewa yake.

Madarar ma tana da nata tarko. Bature da kalma ɗaya yake gargaɗi a kan duk abin da ya fito daga nonon dabba, mu kuwa mun raba su: madara daban, nono da kindirmo daban, man shanu daban, cuku daban. Mai girkin da aka tambaya ko akwai madara a miyar kuka zai rantse babu, ga shi kuwa ya zuba man shanu cokali biyu. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta "madara da danginta", a kuma ambaci wanda ke cikin abincin da sunansa.

Wurin da gidan abincin yake shi ma yana da ta cewa. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, a Sakkwato da sassa da yawa na Nijar gujiya ake ce masa, alhali a Kano gujiya wani abu ne daban, wanda wasu ke kira kwaruru. Riɗi ma a Nijar za ka ji ana ce masa lamti. Takardar da za a ajiye a Birnin Ƙonni ko Illela, inda baƙi ke shigowa daga ɓangarori biyu na iyaka, ba ta yi asarar komai ba idan ta rubuta sunayen biyu a jere. Amma a cikin takarda ɗaya, kalmar da aka zaɓa a shafin farko ita za ta tafi har ƙarshe. Sauya kalma don gudun maimaici gwaninta ce a kirari, a gargaɗi kuwa rikita mutum take yi.

Kafin a kai maɗaba'a, a karanta wa mai girki Hausar da baki, abinci bayan abinci, shi zai ce "a'a, wannan mun daina sa masa riɗi". A karanta wa masu kai abinci tebur su ma, domin da yawa daga cikin masu saye ba sa duba takarda, tambaya suke yi, kuma amsar da yaron gida zai bayar dole ta zo daidai da abin da aka rubuta. Idan samfurin bugu ya dawo, a duba haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da ɗ, ƙ da ɓ, sai su bar gurbi ko ɗan akwati a wurin, kuma kalmomin da abin ya fi shafa su ne gyaɗa, riɗi, ƙwai da ƙuli-ƙuli. A ƙasan takardar a sa ranar da aka yi bitar ƙarshe. Duk ranar da aka sauya mai kawo yaji ko aka koma wani kamfanin mai, a sake ɗauko kwalaye a karanta, a gyara Hausar da Turancin tare kafin a mayar da takardar kan tebur.